Rabon Riba a Haɗin Gwiwa: Yawan Jari da Daɗewarsa a Kasuwa

Idan mutum biyu ko fiye suka haɗa jari suka yi kasuwanci, ranar rabon riba tambayoyi biyu ne ke jiran su: nawa kowa ya zuba, kuma tun yaushe kuɗinsa yake cikin kasuwar. Tambaya ta farko kowa yana tunawa da ita, domin adadin kuɗi abu ne da ake gani a ƙirga. Ta biyun ce ake yawan tsallakewa, kuma daga wannan tsallaken ne akasarin saɓani ke tasowa tsakanin 'yan'uwa da aminai da suka fara harka cikin raha. Ilimin lissafi yana da hanya tsayayya ta haɗa tambayoyin biyu a fitar da rabo ɗaya. Ana koyar da ita a makarantun sakandare, kuma ba ta buƙatar komai fiye da ninkawa da rabawa.

Tushen hanyar shi ne ma'aunin rabo, wato kwatanta adadi biyu ko fiye ta fuskar kashi-kashi. Wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya riga ya san shi. Idan mamaci ya bar 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, kowane namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, malami zai kasa abin da ya rage musu gida biyar, ya gano ƙimar gida ɗaya, sannan ya ba kowa adadin gidajensa. A rubuce ana nuna wannan da 2:2:1. Rabon riba ma haka yake tafiya, sai dai a nan jari ne ke faɗin yawan gidajen kowa.

A ɗauka wasu mutum biyu sun buɗe shagon kayan masarufi rana ɗaya, ɗaya ya kawo Naira 600,000, ɗayan Naira 400,000, shekara ta zagayo suka tarar da ribar Naira 250,000. Ana rage adadin jarin biyu zuwa mafi ƙanƙantar siffarsu: 200,000 tana shiga na farko sau uku, tana shiga na biyu sau biyu, don haka ma'aunin ya zama 3:2. Uku da biyu biyar, ribar za ta kasu gida biyar ke nan, kowane gida Naira 50,000. Na farko ya ɗauki gida uku, Naira 150,000, na biyu gida biyu, Naira 100,000. Wannan ba ya jawo gardama, domin kuɗin biyu sun yi kwana ɗaya a kasuwa.

Inda lokaci ya shigo

Haɗin gwiwa na gaskiya da wuya ya fara rana ɗaya. Wani ne ke buɗe shago, kasuwa ta soma tafiya, sai ɗan'uwansa ya sayar da amfanin gona ya kawo nasa, bayan wasu watanni wani kuma ya ɗauki adashi ya shigo. Kuɗin da ya shekara yana juyawa ya sayo kaya an sayar, ya sake sayowa, sau da yawa. Wanda ya shigo saura wata huɗu ya yi juyin wata huɗu ne kawai. Saboda haka abin da kowa ya bayar ana auna shi da abu biyu a haɗe, yawan kuɗin da tsawon zamansa, kuma hanyar haɗa su ita ce a ninka ɗaya da ɗaya:

nauyin jari = adadin jari × yawan watanni

Dalilin ninkawa a fili yake. Naira dubu ɗari da ta yi wata shida a kasuwa daidai take da Naira dubu ɗari shida da ta yi wata ɗaya, kamar yadda aikin ma'aikaci ɗaya na kwana shida a gona yake daidai da aikin mutum shida na yini ɗaya. Manomi da ke biyan 'yan ƙwadago ya saba da wannan lissafi, yana ƙirga mutum nawa, kwana nawa, ya ninka. A nan Naira ce ɗan ƙwadagon.

Misali guda da za a bi har ƙarshe zai fi bayyana lamarin. A ɗauka 'yan'uwa uku ne, Babba da Na-tsakiya da Auta, suna da shagon atamfa da shadda. Babba ya buɗe shagon ranar 1 ga Janairu da Naira 1,200,000. Na-tsakiya ya shigo ranar 1 ga Mayu da Naira 900,000. Auta, wanda ya daɗe yana aiki a kudu, ya turo Naira 1,500,000 ranar 1 ga Satumba. Ranar 31 ga Disamba aka rufe littafi, riba ta tsaya a Naira 690,000.

Kuɗin Babba ya yi wata 12, nauyinsa 14,400,000. Na Na-tsakiya ya yi wata 8, daga Mayu zuwa Disamba, nauyinsa 7,200,000. Na Auta ya yi wata 4, nauyinsa 6,000,000. Waɗannan manyan lambobi ba kuɗi ba ne da wani zai karɓa, awo ne kawai, don haka ana iya rage su. Idan aka raba kowanne da 1,200,000 za a sami 12:6:5. Jimilla gida 23. Naira 690,000 a kasa ta gida 23, kowane gida Naira 30,000. Babba yana da Naira 360,000, Na-tsakiya Naira 180,000, Auta Naira 150,000.

Abin lura shi ne Auta, wanda ya fi kowa yawan jari, shi ne ya fi kowa ƙarancin rabo. A nan ne rai ke ɓaci idan ba a fahimci dalili ba. Hanya mafi sauƙi ta nuna masa gaskiyar lissafin ita ce a mayar da kuɗin kowa zuwa shekara cikakkiya. Naira 1,500,000 da ta yi wata huɗu, wato sulusin shekara, daidai take da Naira 500,000 da ta shekara. Naira 900,000 ta wata takwas daidai take da Naira 600,000 ta shekara. Da a ce su ukun sun fara rana ɗaya da 1,200,000 da 600,000 da 500,000, babu wanda zai yi musun rabon 12:6:5.

Yana da kyau a ga girman kuskuren da ake yi idan aka bar lokaci. Da an raba bisa jari kaɗai, ma'aunin zai zama 4:3:5, gida 12, kowane gida Naira 57,500. Babba zai tashi da Naira 230,000, Na-tsakiya Naira 172,500, Auta Naira 287,500. Wato Naira 137,500 ta fita daga hannun yayyen biyu ta koma aljihun Auta, kuma 130,000 daga cikinta haƙƙin Babba ce, mutumin da kuɗinsa kaɗai ya riƙe shagon wata huɗu cur kafin kowa ya leƙo. Wannan kuskure ya fi zama haɗari saboda yana da kamar adalci, domin kowa yana ganin an ba mai babban jari babban rabo.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna ko lissafi ya tafi daidai. Da farko a haɗa rabon kowa, dole ya dawo da jimillar ribar ba ragi ba ƙari. Sannan a duba abin da kowace Naira dubu ta samu a wata. Jimillar nauyin jarin su uku 27,600,000 ce, ribar kuma 690,000, wanda ke nufin kowace Naira 1,000 ta jawo Naira 25 a wata. Auta yana da dubu sau 1,500, a ninka da wata 4, a ninka da 25, a sami 150,000. Idan aka gwada na kowa aka ga dubun wani tana samun 25 ta wani kuma 40, an yi kuskure a wani wuri. A rabon da aka yi bisa jari kaɗai, dubun Auta tana samun kusan Naira 48 a wata, ta Babba kuwa ba ta cika 16 ba.

Ƙari da ragi a tsakiyar shekara

Jari ba ya zama wuri ɗaya. Biki ya taso, wani ya zare wani abu. Wani ya sami kuɗi, ya ƙara. Ƙa'idar ba ta canjawa, sai dai ana yanka shekarar mutum gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da adadin da yake ciki a lokacin, a ninka, sannan a tara.

A ce Babba ya zare Naira 200,000 ranar 1 ga Oktoba don aurar da 'yarsa. Wata tara yana da 1,200,000, nauyi 10,800,000. Wata ukun ƙarshe yana da 1,000,000, nauyi 3,000,000. Jimilla 13,800,000. Na-tsakiya kuma ya ƙara Naira 300,000 ranar 1 ga Nuwamba: wata shida yana da 900,000, nauyi 5,400,000, wata biyu yana da 1,200,000, nauyi 2,400,000, jimilla 7,800,000. Auta yana nan a 6,000,000. Sabon ma'auni 23:13:10, gida 46, kowane gida Naira 15,000 idan ribar tana nan yadda take. Babba Naira 345,000, Na-tsakiya Naira 195,000, Auta Naira 150,000. Zarewar da Babba ya yi ta rage masa Naira 15,000 ne kacal, domin kuɗin ya riga ya yi aikin wata tara kafin ya fita. Wanda ya lissafa masa 1,000,000 na dukan shekara ya zalunce shi, wanda ya bar masa 1,200,000 ɗin kuma ya zalunci ƙannensa.

Kurakuran da ɗalibai da 'yan kasuwa ke yi a nan ƙanana ne a ido. Na farko ƙirgar wata: Mayu wata na biyar ne, sai mutum ya ce goma sha biyu ban da biyar, bakwai, alhali wanda ya shigo ranar 1 ga Mayu ya yi watan Mayun a ciki, watanninsa takwas ne. Na biyu rikita "bayan wata huɗu" da "na tsawon wata huɗu". Wanda ya shigo bayan wata huɗu ya yi wata takwas, wanda ya zuba na tsawon wata huɗu ya yi huɗu, kuma tambayoyin jarrabawa suna son ɗana tarko a daidai wannan gaɓa. Na uku gauraya awo, a lissafa wa wani da wata, wani da mako. Idan ranakun shiga sun faɗo a tsakiyar wata, gara a koma ƙirgar kwanaki ga kowa da kowa. Masu rufe littafi da watan Musulunci su tuna shekararsu kwana 354 ko 355 ce, kada a haɗa ta da kalandar da ke da 365 a lissafi ɗaya.

Ana kuma iya juya tambayar ta baya, a ba da rabo a nemi lokaci. Wani ya zuba Naira 450,000 ta shekara, abokinsa ya zuba Naira 600,000 daga baya, aka raba riba 3:2. Nauyin na farko 5,400,000, shi ne gida uku, don haka gida ɗaya 1,800,000, gida biyu 3,600,000. A raba wannan da 600,000 a sami wata 6. Abokin ya shigo ne a farkon Yuli.

Ladan wanda ke zaune a shago

Duk abin da ya gabata rabon kuɗi ne. Amma shago ba ya buɗe kansa, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke sammako, ya sari kaya, ya bi bashi, sauran suna can suna harkokinsu. Littattafan lissafi suna warware wannan da mataki biyu: a fara cire ladan aiki daga riba, abin da ya rage a raba shi bisa nauyin jari. Idan 'yan'uwan sun amince tun farko cewa Babba, mai tsaron shagon, yana da kashi 20 cikin 100 na riba saboda aikinsa, za a ware masa Naira 138,000 daga 690,000. Saura 552,000, a kasa gida 23, kowane gida 24,000. Babba ya sami 288,000 na jarinsa, da ladansa 426,000 ke nan. Na-tsakiya 144,000, Auta 120,000. Wanda ya raba riba tukuna sannan ya nemi cire ladan daga rabon sauran biyun kawai ya sauya yarjejeniyar, domin jarin Babba ma yana cikin waɗanda aka yi wa aikin.

Tunda yawancin masu irin wannan harka a ƙasar Hausa Musulmi ne, hukuncin fiƙihu yana shiga maganar. Mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a nan, da ta Shafi'iyya sun tafi a kan cewa a tarayyar dukiya riba tana bin gwargwadon jari. Hanafiyya da Hambaliyya sun yarda a ƙara wa mai aiki kaso fiye da na jarinsa idan an yi sharaɗi. Asara kuwa duka sun haɗu a kan cewa gwargwadon jari take bi. Sun kuma haɗu a kan cewa rabon abokin tarayya kaso ne na riba, kamar rabi ko sulusi, ba a yanka masa tsayayyen adadin kuɗi da zai karɓa ko an ci ko an faɗi. Akwai wani nau'in daban, mudaraba, wanda littattafan Malikiyya ke kira ƙirali, inda ɗaya ke kawo kuɗi ɗaya ke kawo aiki. A nan riba tana bin kason da suka yanka, asara kuma mai kuɗi ne ke ɗauka, mai aiki ya yi asarar wahalarsa, sai fa idan sakaci ko ƙetare sharaɗi ya tabbata a kansa. Masu son tsara ladan aiki a cikin tarayya ya kamata su zauna da malami kafin a fara juya kuɗi.

Wasu suna jin an ambaci kuɗi da watanni sai gabansu ya faɗi, su ga kamar kuɗin ruwa ne aka sauya wa riga. Bambancin yana nan: kuɗin ruwa ana yanka shi tun farko, kuma ana bin sa ko kasuwa ta mutu. Naira 25 ɗin da kowace dubu ta samu a misalin nan ba a san ta ba sai da aka rufe littafi, kuma da ba a ci riba ba da sifili ce. Watanni a nan mudu ne na auna rabon abin da ya samu. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a Najeriya a 2012, suna fuskantar wannan matsala kullum, domin masu ajiyar mudaraba suna zubawa suna cirewa a ranaku daban-daban, kuma hanyar da irin waɗannan bankuna suka saba bi ita ce duba adadin kuɗin mutum da kwanakin da ya yi a asusu.

Inda hanyar ke gazawa

Ninka jari da watanni ya dogara ne a kan zato guda da ba a cika faɗa ba: cewa kowace Naira tana jawo riba daidai wa daida a kowane wata. A shagon kayan masarufi, inda sukari da sabulu ke fita kullum, zaton yana kusa da gaskiya. A kasuwancin da ke bin yanayi kuwa yana iya kaucewa nesa, kuma babu inda wannan ya fi fitowa kamar harkar ajiyar hatsi, irin wadda ake yi a Dawanau ta Kano da sauran kasuwannin amfanin gona, inda ake saye da kaka a ajiye a jira farashi ya tashi.

A ɗauka wani ɗan kasuwa ya sayi masara buhu 100 a farkon Disamba, kowane buhu Naira 30,000, jari Naira 3,000,000. A farkon Afrilu buhu ya kai 40,000, sai abokinsa ya kawo Naira 2,000,000 aka sayi ƙarin buhu 50 aka zuba a sito ɗaya. A ƙarshen Yuli aka sayar da buhu 150 ɗin a kan 44,000 kowanne, aka sami Naira 6,600,000. Idan aka ajiye maganar kuɗin sito da dako da magani don sauƙin misali, riba Naira 1,600,000 ce. Hanyar makaranta za ta ce miliyan uku sau wata 8, miliyan biyu sau wata 4, wato 24:8, ko 3:1. Na farko Naira 1,200,000, na biyu Naira 400,000.

Amma buhunan da kansu suna ba da wani labari. Kowane buhun na farko ya tashi daga 30,000 zuwa 44,000, ribar 14,000 sau 100, Naira 1,400,000. Kowane buhun na biyu ya tashi daga 40,000 zuwa 44,000, ribar 4,000 sau 50, Naira 200,000. Hanyar watanni ta ninka wa na biyu rabonsa, ta ɗebo Naira 200,000 daga tashin farashin da ya auku tun kafin ya shigo. Dalili shi ne yawancin tashin ya faru a watanni huɗun farko, lissafin kuma ya shimfiɗa shi a kan takwas ɗin baki ɗaya.

Maganin shi ne a yi wa kaya kuɗi ranar da sabon abokin tarayya zai shiga. A farkon Afrilu buhu 100 ɗin sun kai Naira 4,000,000 a farashin ranar. Ribar miliyan ɗayan da ta riga ta samu ta mai su ce shi kaɗai, kuma da miliyan huɗu yake shiga sabuwar tarayyar. Ma'auni daga ranar ya zama 4:2, wato 2:1. Daga Afrilu zuwa Yuli dukiyar ta tashi daga miliyan shida zuwa 6,600,000, ribar 600,000, na farko 400,000, na biyu 200,000. Jimillar na farko 1,400,000, daidai da abin da buhunan suka nuna. Wannan hanya ta fi wahala, domin tana buƙatar a shiga sito a ƙirga, a kuma yarda da farashi, amma a duk kasuwancin da ribarsa ke zuwa a dunƙule ita ce ta fi kusa da adalci. Shagon atamfar 'yan'uwan nan ma bai tsira ba gaba ɗaya: idan cinikin Sallah ya faɗo kafin Satumba, Auta yana cin rabo daga kasuwar da kuɗinsa bai halarta ba. Alamar da ke nuna hanyar watanni ba ta dace ba ita ce a duba littafin ciniki wata-wata. Idan watanni biyu ko uku ne suka kawo rabin ribar shekara, a bar ninkawa a koma rufe littafi duk lokacin da wani zai shiga ko zai fita.

Asarar da aka san ranarta ma haka take. Idan ɓarayi suka fasa shagon a watan Maris, kuɗin Babba kaɗai ke ciki, ƙannensa ba su da hannu a wannan rashi. Idan kuwa a Nuwamba ne aka kwashe kayan Naira 240,000, alhali jarin yana 1,200,000 da 900,000 da 1,500,000, to dukiyar da ke wurin ranar ce ta taɓu, ma'auninta 4:3:5. Babba ya ɗauki 80,000, Na-tsakiya 60,000, Auta 100,000. Daɗewar kuɗin Babba ba ta sa kasonsa na kayan da aka sace ya ƙaru ba.

Duk wannan lissafi yana zaune ne a kan adadi ɗaya, ribar da za a raba, kuma idan ita ba daidai ba ce babu ma'aunin da zai gyara ta. Kuɗin da ke cikin akwati ranar rufe littafi ba shi ne riba ba. Ana haɗa tsabar kuɗi da ƙimar kayan da suka rage a kanta, a farashin sari, da bashin da ake da tabbacin za a biya. Daga nan a cire bashin da ake bin shagon, da kuɗin haya da ladan yaran shago da ba a biya ba, sannan a cire jarin kowa. Kuɗin cefanen da wani abokin tarayya ke zara daga akwati kullum dole a rubuta shi da sunansa a cire daga rabonsa, domin Naira 1,000 a rana ta kai Naira 365,000 a shekara, fiye da dukan rabon Babba a misalin farko.

Matsalar tsohuwa ce a ilimin lissafi. Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lissafi da lambobin Indiya da Larabawa a garin Bijaya na Aljeriya ta yau, kuma a littafin lissafin da ya fitar a 1202 ya ware babi guda don rabon riba tsakanin fatake masu haɗa jari. Doka kuwa ba ta ɗauki wannan lissafi a matsayin abin da ke aiki da kansa ba. Dokar haɗin gwiwa ta Ingila ta 1890, wadda dokokin Najeriya a wannan fanni suka samo tushe daga gare ta, ta tanadi cewa idan abokan tarayya ba su yi wata yarjejeniya ba, riba daidai wa daida za a raba ta, ba tare da duba yawan jarin kowa ba. Saboda haka ma'aunin jari da watanni sai an amince da shi, kuma abin da ya fi tsare kowa shi ne a rubuta shi gaban shaidu tare da ranar da kowane kuɗi ya shiga, adadinsa, ranar da aka zare wani abu, da ƙimar kayan shago ranar da sabon mutum ya shigo. A misalin 'yan'uwan nan uku, rabon daidai wa daida zai ba kowa Naira 230,000, Babba ya rasa Naira 130,000 daga abin da jarinsa ya jawo.